Atamfa ko leshi: abin da za ki auna kafin a sa almakashi

Duk lokacin da biki ya matso, ko aka fara haɗa lefe, tambayar da ake kawo mini shago ɗaya ce: "Anti, atamfa za mu fitar ko leshi?" Na daɗe ina ɗinki a Bauchi, kuma yawancin kayan da ke zuwa kan teburina daga Kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa ake sayo su, wasu kuma saƙo ne daga Kantin Kwari a Kano. Abin da na lura da shi shi ne, mata da yawa da ido kawai suke zaɓe. Zanen fure ya burge, launi ya hau fata, sai a biya. Sai an kawo wa tela ake gane cewa faɗin bai kai ba, ko turmin bai cika ba, ko kayan roba ne da ba ya sawuwa a zafin watan Afrilu. Kuma da zarar almakashi ya shiga, ba mai karɓa a mayar.

Abubuwa biyar nake dubawa idan aka shimfiɗa mini kaya: yawan yadin da ke ciki, faɗinsa, nauyinsa, yadda yake a hannu da jiki, da kuma ko launinsa zai zauna. Kuɗi na zuwa ne bayan waɗannan, domin sai kin san abin da ke cikin ledar za ki san ko ya yi tsada ko ya yi araha.

Yadi nawa ne a ciki

Yadi ɗaya inci 36 ne, wato ya ɗan gaza mita ɗaya. Turmin atamfa yadi 6 ne. Idan aka raba shi uku, kowane kashi yadi 2 ne, shi ne falle, zane ɗaya ke nan na ɗaurawa. Rabin turmi yadi 3. Masaƙu da dama suna fitar da atamfa ne a yadi 12, sai 'yan kasuwa su raba biyu, shi ya sa wani lokaci za ki ga gefe ɗaya na turmi yankan almakashi ne na hannu.

Leshi kuwa lissafinsa daban. Abin da ake sayar wa mutum ɗaya yadi 5 ne, kuma bandir ɗin da ake yanko shi yawanci yadi 15 ne, na mutum uku. Wannan na da amfani ga mai fitar da anko: idan yawan matan bai rabu uku-uku ba, ko dai ki sayi ragowar, ko mai shago ya ɗora miki kuɗin yankan.

Kada ki ɗauka duk abin da aka kira turmi ya cika yadi 6. Ya taɓa faruwa da ni. Wata amarya ta kawo atamfa daga cikin akwatin lefenta, tana son riga da zane da ɗankwali. Na shimfiɗa, na ɗora tef, sai ga yadi biyar da rabi. Na sake aunawa, haka dai. Na ce mata, "Ƙanwata, ko dai hannun rigar ya gajarce, ko ɗankwalin ya zama siriri, zaɓi ɗaya." Ta tsaya tana jujjuya takardar da ke manne a jiki, wadda ta rubuta yadi 6 ɓaro-ɓaro. Rabin yadi inci 18 ne kacal, amma shi ne hannun riga guda biyu. Irin wannan ya fi yawa a atamfa mai araha da kuma leshin da aka yanko daga bandir da awon hannu, wato daga kan hanci zuwa ƙarshen yatsa. Hannun kowa da tsawonsa. Ki tafi da tef ɗinki a jaka, ki ce, "Alhaji, a yi haƙuri a buɗe mu auna." Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Faɗi, wanda shi aka fi mantawa

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Faɗin atamfa yana kamawa daga inci 44 zuwa 48. Masu tsada irin su Holan da Sufa suna can sama, wajen 47 zuwa 48, masu araha kuma suna ƙasa. Leshi ya fi faɗi, yawanci inci 48 zuwa 52, kuma na Suwis yakan kai 51 ko 52.

Me ya sa inci biyu ko uku za su dame ki? Saboda idan kika ɗaura zane, faɗin yadin shi ne tsawon zanen daga ƙugu zuwa idon sawu. Haka siket ɗin da aka yanka a kwance. Ki ɗauki mace doguwa wadda awon ƙugunta zuwa ƙasa inci 43 ne. A ba ta atamfa mai inci 44. Gefen da aka yi rubutu a kai zai ci kusan inci ɗaya, naɗin ƙugu zai ci nasa, sannan auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Ƙarshenta zanen ya tsaya mata a saman idon sawu, ta riƙa jan shi ƙasa a cikin taro. Da a ce mai inci 48 ce, da ya sauka har ya rufe ƙafa. Mace matsakaiciya mai inci 39 ko 40 ba za ta taɓa sanin akwai wannan matsalar ba, kowace atamfa za ta yi mata.

Ga wani lissafi da ke ba mutane mamaki. Ana ganin kamar turmi ya fi leshi yawa sosai tunda shida ya fi biyar. Amma ki ninka tsawo da faɗi: yadi 6 mai faɗin inci 46 da yadi 5 mai faɗin inci 52, bambancin shimfiɗarsu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Faɗin leshi yana rama masa mafi yawan yadin da ya rasa. Sai dai ba duk faɗin leshi ne tela ke iya juyawa yadda take so ba. Leshi na da baki mai ado, wani a gefe ɗaya, wani a gefe biyu, kuma wannan bakin dole ya faɗo a ƙasan siket, bakin hannu ko ƙasan riga. Idan bakin gefe ɗaya ne, yadi biyar ɗin nan shi ke nan adon da kike da shi: siket ya ci yadi biyu, ƙasan riga ya ci ɗaya da rabi, hannuwa su ci nasu, ɗankwali ya samu abin da ya rage. Idan gefe biyu ne, tela ta samu sarari. Don haka ki buɗe leshi ki duba gefunan biyu kafin ki yi ciniki.

Atamfa ma tana da nata tarkon. Mai manyan furanni, ko wadda zanenta ke kallon gefe ɗaya, tana cin yadi, domin sai an daidaita fure da fure a gaba da baya. Mai ƙananan zane da ke bazuwa ko'ina ta fi auki a hannun tela. Mai jiki da ke son doguwar riga mai faɗi ta tuna da wannan.

Nauyi da yadda kaya yake a hannu

Turmin atamfar auduga bai cika kai kilo ɗaya ba. Leshi kuwa ba a yi masa kuɗin goro. Boyel na auduga, irin wanda ake kira Suwis, ba shi da nauyi, iska na ratsa shi. Asalin irin wannan aikin daga St. Gallen ta Suwizalan da garin Lustenau na Ostiriya yake, ko da yake yau mafi yawan abin da ke kasuwa da wannan sunan daga Sin ake kawo shi. Leshi mai raga shi ma ba nauyi, sai idan an cika shi da duwatsu da ƙyalƙyali. Leshi mai igiya, wanda 'yan kasuwa ke kira kod, shi ne mai nauyin gaske, kuma idan aka haɗa masa shafi da duwatsu, za ki ji shi a kafaɗa kafin a tashi daga wajen kamu.

Nauyi shi kaɗai ba shaidar kyau ba ne, kuma a nan ake yaudarar hannu. Atamfa mai araha ana cika ta da sitati da sinadarin ƙyalli don ta yi ƙarau-ƙarau a shago. Wanki ɗaya, sai ta saki jiki ta zama kamar tsumma. Yadda nake ganewa: in kama lungu ɗaya in murza shi da ƙarfi tsakanin yatsu, kamar mai wanke tabo. Idan wurin ya yi laushi nan take har wani farin gari ya fito, sitati ne ke riƙe da ita. Sannan in ɗaga ta saitin hasken ƙofa. Saƙa mai kyau a matse take, haske ba ya ratsowa ɗigo-ɗigo.

Sai batun auduga da roba. A garin da zafin Maris da Afrilu ke sa mutum ya nemi inuwa tun hantsi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Auduga tana shan gumi, tana da ɗan sanyi idan kika ɗora ta a bayan hannu, kuma idan kika dunƙule ta a tafi tana yamutsewa. Ta roba santsi gare ta, ki dunƙule ki saki ta koma yadda take, kuma tana wani ƙara kamar leda. Idan kina shakka, ki zare zare biyu ko uku daga gefen da aka yanka, ki fita waje ki sa musu ashana. Auduga za ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba za ta narke ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan gwajin yana aiki a kan leshi ma, sai dai ki tuna leshi kashi biyu ne, akwai ƙyallen ƙasa akwai zaren ado, kuma sau da yawa ƙasan auduga ne, zaren kuma ba auduga ba.

Ga leshi, ki juya bayansa ki shafa a cikin damtsenki, ba a tafin hannu ba. Tafin hannu ya saba da wahala, ba zai faɗa miki gaskiya ba. Idan ya yi ƙaiƙayi a damtse, zai yi a wuya da hammata, kuma shafi ba ya kaiwa ko'ina. Ki kuma sa farce ki ɗan taɓa dutse ɗaya. Wanda aka ɗinke yana zama, wanda aka manna da gam zai fara zubewa tun daga kujerar mota.

Zuba da koɗewa

Abu biyu ne daban. Zuba shi ne launi ya fita a ruwa ya ɓata na kusa da shi. Koɗewa kuma launi ya mutu a hankali saboda rana da sabulu.

Atamfar kaki ta gaske, irin wadda kamfanin Vlisco ke yi a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da aka kafa tun 1846, ana buga danƙo ne a fuskokin ƙyallen biyu, a tsoma shi a rini, rinin ya shiga duk inda danƙon bai rufe ba. Shi ya sa gabanta da bayanta kusan ɗaya ne, kuma za ki ga 'yan jijiyoyi da ɗige-ɗigen da ba sa maimaita kansu daidai wa daida daga fure zuwa fure. Wadda aka buga wa launi a sama kawai, bayanta fari-fari ne, kuma idan an kwaikwayi jijiyoyin, za ki ga iri ɗaya sak suna dawowa a kowane fure. Juya atamfa baya shi ne gwaji mafi sauri da na sani. Rubutun gefe da takardar da aka manna ba sa isa hujja, domin su ne abu na farko da masu jabu ke kwafa.

Don gane mai zuba, ki jiƙa farin hankici, ki goga shi da ƙarfi sau goma a kan wurin da ya fi duhu, ja ko shuɗi ko baƙi. Ɗan alamar shuɗi kaɗan ba abin tsoro ba ne, rinin shuɗi mai duhu yakan saki rararsa a wankin farko ya tsaya. Amma idan hankicin ya rine sosai, atamfar za ta ci farin da ke jikinta da kanta. Game da jiƙawa a ruwan gishiri da iyayenmu suka saba: ba ya cutarwa, kuma jiƙon yana fitar da rarar rini, amma gishiri ba ya gyara rinin da tun a masaƙa bai kama ba.

A leshi, haɗarin ya fi yawa idan launi biyu ne masu nisa, kamar farin ƙasa da jan zare. Zaren ne ke zuba, ya bar inuwa kewaye da kowane fure, kuma wannan ba ya fita. A goga hankicin a kan zaren. Leshi mai launi ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Abin mamaki, roba ta fi riƙe launi a ruwa, don haka rashin zuba ba ya nufin kayan mai kyau ne.

Koɗewa kuwa yawanci laifinmu ne. Ranar Bauchi ba ta wasa. A wanke da sabulu mai laushi a ruwan sanyi, a juya bai-bai, a shanya a inuwa, a kwashe da zarar ya bushe. Garin sabulu mai ƙarfi da jiƙon kwana su ke kashe atamfa tun ba ta tsufa ba.

| Abin dubawa | Atamfar auduga mai kyau | Atamfa mai araha | Leshin boyel | Leshi mai raga ko igiya |
|---|---|---|---|---|
| Yadi na mutum ɗaya | 6 | 6, a auna | 5 | 5 |
| Faɗi da inci | 46 zuwa 48 | 44 zuwa 46 | 50 zuwa 52 | 48 zuwa 52 |
| Nauyi | matsakaici | sitati ke ƙara shi | mara nauyi | daga mara nauyi zuwa mai nauyi sosai |
| A lokacin zafi | daɗi | ta roba tana ƙuna | daɗi | zafi, saboda shafi |
| Launi | yana zama | zuba ko saurin koɗewa | a gwada zaren | ba ya cika zuba |
| Shafi | ba dole ba | ba dole ba | gwargwadon hudojinsa | dole |
| Wanki | da hannu, sau da yawa | yana sakin jiki | da hannu, a hankali | jefi-jefi |
| Kuɗi | sama | ƙasa | sama | daga tsakiya zuwa sama |

Lissafin anko na mata 18

Farashi yana motsi da canjin dala, don haka lambobin nan misali ne kawai don a ga yadda ake lissafin, ki sa na ranar da kika shiga kasuwa. A ce an yi miki turmi naira 15,000, leshi mai raga kuma yadi biyar naira 20,000. Da ji za ki ce bambancin 5,000 ne. Amma yadin atamfa ya kama 2,500, na leshi 4,000. Sannan leshin yana son shafi kamar yadi huɗu, kuma kuɗin ɗinkinsa ya fi, domin riga biyu ake ɗinkawa a haɗe, ga duwatsun da sai an fasa su a kan layin ɗinki don kada su karya allura. Kafin ya hau jiki, bambancin zai iya ninkawa.

Mata 18 a leshi yadi 90 ne, bandir 6 cif. Idan suka zama 19, an shiga bandir na bakwai. A atamfa turmi 18 ne, amma akwai sauƙin da leshi ba ya bayarwa: 'yan mata biyu marasa jiki za su iya raba turmi, kowa ta yi doguwar riga mai sauƙi da yadi uku, yara kuma falle ɗaya ya ishe su. A kowane hali, ki saye duka a rana ɗaya daga dila ɗaya, ki ƙara biyu a kai. Idan kika koma bayan mako biyu, ko da zanen ɗaya ne, bugun na iya bambanta, kuma a hoton biki ne za ki ga shuɗin wasu ya fi na wasu duhu.

Wanne ya dace da wa

Idan kayan sawa ne na yau da kullum, zuwa aiki, makaranta, unguwa, atamfar auduga za ki saya, ko da ba Holan ba ce, muddin ta ci gwajin murzawa da na hankici. Ita ce ke jure wanki, kuma idan ta tsufa ta zama zanen gida ko na goyo.

Idan anko ne na mutane da yawa da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, atamfa matsakaiciya ta fi adalci. Ki zaɓi mai ƙananan zane da faɗin da bai gaza inci 46 ba, saboda dogayen cikinku. Ni dai ina jin ciwon ganin an fitar da leshin da rabin dangi sai sun ci bashi kafin su saya.

Idan ke ce amarya ko uwar biki, kuma taron na dare ne ko lokacin sanyin hunturu, leshi mai igiya ko mai duwatsu zai yi miki abin da atamfa ba za ta yi ba. Ki dai sani kayan fita biyar ne ko shida, ba na shekaru ba. Idan kuma taron rana ne a watannin zafi, boyel na auduga shi ne leshin da za ki iya wuni a cikinsa.

Mai haɗa lefe ya fi kyau ya rage yawa ya ƙara kyau: atamfofi na gaske da za ta shekara tana sawa, da leshi biyu ko uku na fita. Kuma a tambayi tsawon amarya kafin a tafi kasuwa. Idan doguwa ce, a nemi mai inci 48, a buɗe kowane turmi a auna shi a gaban mai shago kafin a jera a akwati.